Tambayoyi da Amsoshi Kan Gasa Kayan Lambu a Wuta Mai Ƙarfi: Yadda Za Su Yi Ja Ba Tare da Sun Turaru Ba

Tun da na fara koya wa mata girki a gidana a nan Jos, babu ƙorafin da ya fi yawan dawowa kunnena kamar na wadda ta zuba dankali da karas a obin da niyyar gashi, ta buɗe bayan rabin sa'a ta tarar da su fari fat, sun yi laushi, ruwa ya kwanta a ƙasan tire. Na tattara tambayoyin da aka fi yi mini a kan wannan matsala, na amsa su gwargwadon abin da na gwada da hannuna.

Me ya sa kayan lambuna suke fitowa kamar dafaffu alhali a obin na sa su?

Saboda turaruwa suka yi, ba gasuwa ba, kuma dalilin yana cikin ruwan da ke jikinsu. Dankalin Turawa, duk da ƙarfinsa a hannu, kusan kashi 80 cikin ɗari na nauyinsa ruwa ne. Karas ya kai kusan kashi 88, kabeji da gauta sun haura kashi 90. Idan zafi ya shige su, ruwan nan yana tsattsafowa zuwa bayansu, kuma muddin bayan yankan yana jiƙe, zafinsa ba zai wuce inda ruwa yake tafasa ba, wato digiri 100 a ma'aunin Selshiyos, ko da kuwa iskar obin ta kai digiri 220. A nan Jos ma bai kai haka ba, domin garin yana bisa tudu mai tsayin kusan mita 1,200, ruwa kuma yana tafasa a wajen digiri 96.

Jan da ake nema, da ƙamshin gashi da ke zuwa tare da shi, ba ya samuwa da sauri sai bayan abincin ya kai kimanin digiri 140 zuwa sama. A wannan zafin ne sukarin da ke cikin kayan lambu yake haɗuwa da sinadaran furotin, su haifar da launi da ɗanɗanon da muka sani a ɓawon burodi da gasasshiyar masara da tsire. Wani masanin sinadarai ɗan Faransa mai suna Louis-Camille Maillard ne ya bayyana wannan haɗuwa a 1912, kuma da sunansa ake kiranta har yau. Idan zafin ya ƙara sama, wajen digiri 160, shi kansa sukarin yana fara yin ja, kamar yadda yake yi wa mai haɗa alewa.

Saboda haka aikin mai gashi guda ɗaya ne: ta sa bayan kowane yanka ya bushe da wuri, tun kafin cikinsa ya gama nuna. Yawan wuta, da tazara a kan tire, da lokacin juyawa, duk hidimar wannan bushewar suke yi.

Wuta nawa ake nufi da wuta mai ƙarfi?

Digiri 220 ne nake farawa da shi ga yawancin kayan lambu. A obin mai ma'aunin Amurka wannan shi ne 425, a obin gas mai lambobi kuma lamba 7 ce. Idan obin yana da fanka, a rage kusan digiri 20 a tsaya a 200, domin fankar tana kore tururi daga kan abinci, bayan yankan ya bushe da sauri. Digiri 180 da aka saba da shi wajen gasa kek ya yi kaɗan: kayan lambu za su nuna har su yi luguf kafin launi ya zo.

A kunna obin tun minti 15 zuwa 20 kafin a sa komai, da sanyin hunturu kuma, lokacin da kicin yake kamar randa, a ƙara masa wasu mintuna. Yawancin obin da ke gidajenmu ba sa ba da ainihin zafin da aka rubuta a jikin maɓallinsu. Ƙaramin ma'aunin zafi da ake ratayewa a ciki yana raba gardama, kuma a ganina ya fi sabon tire amfani ga wadda za ta sayi abu ɗaya kawai.

Wace irin tazara ake bukata, kuma me ya sa kike yawan nanata ta?

Ina nanata ta ne domin a nan aka fi yin kuskure, ni ma a nan na yi nawa. Ranar sunan ɗan ƙanwata na ɗauki alkawarin gasasshen dankali da karas, baƙi sun fi yadda aka zata, sai na tula kusan kilo uku a tire ɗaya don in gama da wuri. Bayan minti arba'in na buɗe ƙofa, tururi ya buge ni a fuska har gilashin idona ya rufe, na saman sun ɗan bushe, na ƙasan kuwa suna kwance cikin ruwa mai maiƙo, da na sa cokali in juya sai suka farfashe. Wutar daidai take, man ma daidai yake, wuri ne kawai na hana su.

Abin da ke faruwa shi ne, kowane yanka yana fitar da tururi ta ko'ina a jikinsa. Idan akwai fili tsakaninsa da maƙwabcinsa, iska mai zafi tana ratsawa ta kwashe tururin, bayansa ya bushe. Idan suna manne da juna, ko wani yana bisa wani, tururin wannan yana jiƙa wancan, kuma ruwan da ya ɗiga a ƙasan tire ba ya samun hanyar tashi. Ƙafar da ruwa aiki ne mai cin wuta ƙwarai: zafin da ake bukata don mayar da tafasasshen ruwa tururi ya ninka fiye da sau biyar wanda ake bukata don ɗaga ruwan daga sanyin ƙanƙara zuwa tafasa. Tiren da aka cika maƙil yana ƙarar da ƙarfin obin ne wajen ƙafe ruwa, babu abin da ya rage na yin ja.

Ƙa'idar da nake bi ita ce shimfiɗa ɗaya tak, babu wanda ya hau kan wani, kuma tsakanin yanka da yanka a ga ƙasan tire kamar faɗin ƙaramin yatsa, wato kusan santimita ɗaya. Ga lissafin yadda yake a aikace. Kilo ɗaya na dankali, idan aka yanka shi ƙwaya-ƙwaya mai faɗin santimita biyu da rabi, yana ba da yanka kusan 60. Tire mai faɗin santimita 30 da tsawon 40 zai ɗauke su da tazararsu, har a sami ɗan sarari a gefe. Kilo biyu a wannan tiren za su shiga, amma kafaɗa da kafaɗa, kuma daga nan an koma turare. Kayan da suka fi ruwa, irin su gauta da kabeji da tattasai, sun fi dankali bukatar fili, don haka rabin kilo zuwa kashi uku cikin huɗu na kilo ya ishi wannan tiren.

Idan abincin ya fi ƙarfin tire ɗaya, a raba shi biyu. Za a iya sa tire biyu a lokaci guda, ɗaya sama ɗaya ƙasa, a sauya musu wuri idan an kai rabin lokaci, amma a sani cewa tururin da ke cikin obin ya ninka, kuma gashin zai ɗan ƙara daɗewa. A ƙaramin obin na fi son in gasa su ɗaya bayan ɗaya.

Shin irin tiren yana da tasiri?

Yana da shi sosai. Tiren ƙarfe mai faɗi, mai gajeren baki da bai wuce santimita biyu ko uku ba, shi ne na wannan aikin. Mazubi mai zurfi, irin wanda ake gasa kaza ko makaroni a ciki, yana tare iska ya riƙe tururi. Na gilashi da na tangaran suna jinkirin ɗaukar zafi. Tire mai duhu ya fi mai ƙyalli saurin ba da launi, mai kauri kuma ba ya lanƙwashewa a wuta. Takardar gashi tana hana kamawa, amma tana ɗan rage jan ƙasa, don haka idan ja sosai nake so, a kan ƙarfen nake zubawa kai tsaye. Kada a rufe tire da foyil, domin rufewa turare ne da gangan.

Yaushe ake juyawa, kuma sau nawa?

Hannun da ya saba da miya da soye-soye yana son motsawa, amma a nan haƙuri ake bukata. Gefen da yake kwance a kan ƙarfe shi ne yake fara yin ja, domin ƙarfe ya fi iska saurin miƙa zafi, kuma wannan gefen yana bukatar ya zauna wuri ɗaya na minti 15 zuwa 20 kafin ɓawo ya kafu. Wadda take juyawa kowane minti biyar tana ɗaga gefen da ya fara bushewa ta kwantar da jiƙaƙƙe, sannan duk buɗe ƙofa yana zubar da zafin da obin zai daɗe kafin ya maido.

Shi ya sa nake jera yankan tun farko, gefen da wuƙa ta yanka yana kallon ƙasa, domin shi ne shafaffe, shi ya fi kama ƙarfe. Idan lokaci ya yi, sai in ciro tiren gaba ɗaya, in rufe ƙofar obin nan take, in gwada yanka ɗaya da siririn cokalin ƙarfe mai faɗin baki. Idan ya saki tire cikin sauƙi kuma ƙasansa ya yi launin zuma, lokacin juyawa ya yi. Idan ya manne, kada a tilasta masa, domin ɓawon zai yage ya zauna a kan tire, kuma shi ne mafi daɗin abin. A mayar da shi minti biyar a sake gwadawa, yawanci da kansa yake saki.

Juyi ɗaya ya wadatar ga yawancin kayan lambu. Manyan yankan dankali za su iya ɗaukar biyu. A lokacin juyin ne kuma nake juya tiren kansa, gaba ya koma baya, saboda bayan obin ya kan fi gaba zafi, sannan in tura waɗanda suke tsakiya zuwa gefe, na gefe su dawo tsakiya. Bayan an juya a sake baza su, domin cokali yana tara su wuri ɗaya ba tare da an lura ba.

Za ki iya bayyana gashi ɗaya daga farko har ƙarshe?

Bari in ɗauki abin da na fi yi idan na dawo daga kasuwar Farin Gada: dankalin Turawa gram 600, karas gram 300, da albasa babba ɗaya, a tire mai santimita 30 da 40.

Ina fara kunna obin a digiri 220, in sa tiren babu komai a ciki ya yi zafi tare da shi. Sai in fere dankali in yanka shi santimita biyu da rabi, in zuba a tafasasshen ruwan gishiri ya sulala na minti bakwai zuwa takwas, iyakar yadda bakin wuƙa zai shiga gefensa amma tsakiyarsa da sauran ƙarfi. In tsane shi a gwagwa, in girgiza sau biyu ko uku har gefunansa su ɗan yi gari-gari, in bar shi ya sha iska minti biyar har tururin ya daina tashi. Wannan garin da ya fito a bayansa shi ne yake zama ɓawo mai ƙaras-ƙaras. Karas ba ya bukatar sulalawa. Ina yanka shi a karkace da kaurin yatsa, in goge shi da tsabtataccen tawul har ya bushe.

A cikin roba mai faɗi nake haɗa su da man gyaɗa cokali biyu zuwa uku na cin abinci da gishiri kusan ƙaramin cokali ɗaya, in cuɗanya da hannu har kowane yanka ya yi sheƙi, ba tare da mai ya taru a ƙasan robar ba. Sai in ciro tiren mai zafi da tsumma mai kauri, in zuba. Ya kamata a ji ƙarar "cuu" kamar an sa abu a kaskon suya. In baza su da sauri da cokali, in mayar a matakin ƙasa na obin.

Minti 20 ba na buɗewa. Da cikarsu sai in ciro, in juya, in ƙara albasar da na yanka gida shida tare da gindinta don kada ta warwatse, wadda ita ma na shafa mata mai. In mayar minti 15 zuwa 20. Alamar gamawa ita ce dankalin ya yi ja a gefe biyu aƙalla, gefunan karas sun ɗan tattare sun yi duhu, bakin albasa ya yi ruwan ƙasa, kuma wuƙa tana shiga tsakiyar dankali ba tare da turjiya ba. Gaba ɗaya zaman obin minti 35 zuwa 40 ne. Tafarnuwa da yaji a minti biyar na ƙarshe suke shiga.

Me ya sa albasa ba ta shiga tun farko? Ba za a iya haɗa komai lokaci ɗaya ba?

Za a iya, amma wani zai ƙone kafin wani ya nuna. A digiri 220, dankalin Turawa da karas suna bukatar minti 35 zuwa 45, dankalin Hausa da kabewa minti 25 zuwa 35, farin kabeji da yankakken kabeji da albasa da tattasai minti 20 zuwa 25, koren wake da kuɓewa kuma minti 12 zuwa 18. A fara da masu tauri, a riƙa ƙara masu laushi a baya, a kuma bar musu wurinsu tun farko. Tumatir kuwa kada a haɗa shi da dankali a tire ɗaya, domin ruwansa zai malale ya jiƙa duk abin da ya fara yin ɓawo.

Wane mai ya dace, kuma yaushe ake sa gishiri?

Man gyaɗa na kamfani ko wani tataccen man girki yana jure digiri 220. Man gyaɗar gida, wanda masu ƙuli-ƙuli suke matsewa, ya fi ƙamshi amma yana saurin hayaƙi, don haka idan shi za a yi amfani da shi a sauko zuwa 200 a kuma sa ido. Amfanin mai shi ne ya cike ɗan gurbin da ke tsakanin yanka da ƙarfe ya isar da zafi ko'ina. Idan ya yi kaɗan, kayan suna bushewa su yi tauri kamar fata, idan ya yi yawa kuma, su sha su yi nauyi. Cokali ɗaya zuwa ɗaya da rabi ga kowane rabin kilo ya isa, gauta ce kawai take neman ƙari saboda tana tsotse shi.

Gishiri yana jawo ruwa waje. Idan aka barbaɗa shi aka bar kayan a roba rabin sa'a, za a tarar sun yi gumi. A sa shi daf da shiga obin. Ga gauta za a iya yin amfani da wannan halin nasa: a sa mata gishiri da wuri, a bar ta ta zubar da ruwa, a goge ta sosai kafin a shafa mai.

Nawa sun yi baƙi a waje amma cikinsu ɗanye ne. Ina kuskuren?

Wannan kishiyar matsalar farko ce, kuma tana da dalilai uku da na fi gani. Ko dai yankan ya yi girma, ko obin ya fi abin da maɓallinsa ya nuna zafi, ko kuma tiren ya kusanci harshen wuta. Obin gas yana ba da zafinsa daga ƙasa, saboda haka idan ƙasan yankan yana ƙonewa tun minti goma, a ɗaga tiren zuwa matakin tsakiya. Akwai kuma dankalin da ya daɗe a firij: sanyi yana mayar da sitacinsa sukari, sai ya yi duhu da wuri. Dankali a wuri mai duhu da iska ake ajiye shi.

Ja da ƙuna ba ɗaya ba ne. Hanci yana rigan ido ganewa, domin ƙamshin gashi yana juyewa zuwa ƙauri, kuma abin da ya yi baƙi ɗaci yake yi. A dankali musamman, a tsaya a launin zuma zuwa ruwan ƙasa mai haske, domin abinci mai sitaci da ya yi duhu ƙwarai yana tara wani sinadari mai suna akirilamaid, wanda hukumomin kula da abinci suke ba da shawarar a rage cinsa. Yajin tsire ma, saboda ƙuli-ƙulin da ke cikinsa, ba ya jure minti arba'in a wannan wuta.

Ba ni da obin. Tukunyar da nake gasa kek da yashi a ciki za ta yi?

Ba na ba da shawararta ga wannan aikin, domin murfinta yana tsare tururi, kuma da wuya ta riƙe zafin da ake bukata. Kasko mai faɗi da kauri a kan risho ko gas ya fi ta. A bar shi ya yi zafi sosai, a sa mai kaɗan, a jera yankan da tazararsu, kada a rufe, kada kuma a taɓa su na minti huɗu zuwa biyar kafin juyi na farko. Masu tauri a sulala su tukuna. Ragar waya a kan garwashin gawayi ita ma tana yi, kuma duk wanda ya tsaya gaban mai gasa masara a bakin titi ya ga yadda take jera ta ɗaya-ɗaya, ta jira gefe ya yi ja kafin ta mirgina.

Idan na buɗe a rabin lokaci na tarar da ruwa ya taru, ko aka ɗauke wuta, abincin ya lalace ke nan?

Bai lalace ba idan an gane da wuri. A ciro tiren, a karkata shi a tsiyaye ruwan, a kwashe rabin kayan zuwa wani tire ko a ajiye su gefe, a baza sauran, a ƙara ɗan mai, a ɗaga wuta zuwa 230 na minti goma zuwa sha biyar. Ba za su kai na wadda ta fara daidai ba, amma za su sami launi. Idan wuta ce aka ɗauke, kada a bar tiren a cikin obin yana hucewa, domin a nan za su turaru su yi laushi. A fito da shi a bar shi a buɗe, a ƙarasa a kasko.

Bayan an gama ma a kiyaye wannan: idan aka juye gasasshen dankali mai zafi a kula aka rufe, cikin minti goma tururinsa zai jiƙa ɓawon. Idan tilas ne a kai shi wani gida, a bar shi ya sha iska a kan tire tukuna, a ɗauke shi a mazubi mai faɗi da murfi a ɗan buɗe, can kuma a mayar da shi obin mai zafin digiri 220 na minti biyar zuwa bakwai kafin a kai gaban baƙi.